Fatar da ƙiba ta bari: yadda ake bi daga awon farko zuwa warkewar ɗinki

A watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, wata Hajiya ƴar shekara 41 ta zo daga Tawa zuwa sashen fiɗa inda nake aikin jinya. Uwar ƴaƴa biyar ce, tsawonta mita 1.65. Shekara biyu kafin nan nauyinta ya kai kilo 124, aka gano tana da ciwon suga, ta rage tuwo da shinkafa da lemun kwalba, ta kama tafiyar ƙafa bayan sallar asuba, har ta sauko kilo 79. Da aka rufe ƙofa sai ta kwance zane, ta sa hannu biyu ta ɗago fatar mararta, ta ce da ni: "Malama, abin da likita ya ce na yi. Ga abin da aka bar mini." Fatar ta zazzago ta rufe gabanta har saman cinya, ƙarƙashinta ja wur, yana tsatsar ruwa, yana wari.

Da labarinta zan bi hanyar daki-daki, domin kusan duk tambayar da masu irin wannan matsala ke yi ta yi ta. Zan tsaya a kan fatar ciki, don ita ce ta fi damun mutane, ita kuma aka fi yi wa aiki.

Tambayarta ta farko ita ce me ya sa fatar ba ta bi jikin ta koma ba. Abin da muke gani a waje ɓawo ne kawai, siriri. A ƙarƙashinsa akwai shimfiɗa mai kauri wadda take kamar saƙa, da zare iri biyu. Ɗaya sunansa kolajin, shi ne mai ƙarfi, shi ya fi yawa, shi ke riƙe fata kada ta yage. Ɗayan ilastin, ɗan kaɗan ne, aikinsa irin na robar wando: a ja, ya koma. Idan ciki ya girma na wata tara kawai, kamar na juna biyu, saƙar takan jure ta koma, ko da ba duka ba. Idan kuwa ta shekara goma ko goma sha biyar a miƙe, zaren kolajin yakan tsinke ya yi sako-sako, ilastin ya gutsuttsure. Jikin babban mutum ba ya ƙara yin sabon ilastin sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ban da haka, fatar ma ƙaruwa ta yi a tsawon shekarun nan, jiki ya gina sabuwa don ta rufe abin da ya ƙaru. Kitse ya tafi, yadin da aka ƙara yana nan.

Nankarwa ita ce shaidar da ido ke gani. Kowane layi nata wuri ne da saƙar ta yage daga ciki. Cikin da ya cika da nankarwa masu faɗi, fata ta yi laushi kamar tsohuwar leda, da wuya ya koma komai aka yi masa. Na Hajiya haka yake, ga haihuwa biyar a kai. Sauran abubuwan da ke ƙara sakin fata su ne yawan kilon da aka zubar, yawan shekarun mutum, gado, da taba. Akwai kuma biyu da muke yawan gani a nan waɗanda mata ba sa faɗa sai an tambaya: ƙwayar ƙiba irin dekzametazon da ake sha don a yi jiki, da man canza launin fata mai betametazon ko kulobetazol a ciki. Dukansu suna sirantar da saƙar nan, su kawo nankarwa, su kuma hana ciwo warkewa da wuri. Duk wadda ta yi amfani da su ta gaya wa likita gaskiya, wadda kuma ta daɗe tana shan ƙwayar kada ta yanke ta rana ɗaya da kanta, sannu a hankali ake janye ta.

Mutane kan ce da an rame a hankali da fata ba ta saki ba. Ramewa a hankali tana da amfaninta, tana kare tsoka. Amma wanda ya sauke kilo 45 bayan shekaru da ƙiba zai sami ragowar fata ko a wata goma ya sauke ko a shekara uku. Na kan faɗi wannan don kada mace ta zauna tana zargin kanta.

Kafin a yi maganar komai, likita yakan tabbatar da abu biyu. Na farko, ramar da gangan aka yi ta. Wanda ya ga yana zubewa ba tare da ya rage ci ba, matsalarsa ba fata ba ce tukuna, sai an duba suga, tarin fuka, ƙanjamau, maƙoƙo ko wani ciwo na ciki. Na biyu, abin da ke reto fata ce ko kitse. Mutum na iya gwadawa a gida: ya tsaya, ya kama naman da ɗan yatsa da babban yatsa. Idan ya kamu siriri, bai wuce santimita biyu ba, yana murzuwa tsakanin yatsu kamar yadi, fata ce. Idan ya cika hannu, yana da tauri, akwai sauran kitse, kuma ci gaba da rage nauyi zai taimaka. Sannan a kwanta rigingine a ɗago kai kamar za a dubi ƙafa. Idan tsakiyar ciki ta taso kamar kunya a gona, tsokokin gaba guda biyu sun rabu, abin da ke yawan faruwa bayan haihuwa da yawa. Na Hajiya sun rabu da faɗin yatsu uku, kuma an taɓa ƴar ƙaba a cibiyarta.

Ta so a yi mata aiki a satin nan. Likita ya ce a'a, kuma dalilinsa ya kamata kowa ya ji. Nauyinta bai fi wata biyu da tsayawa ba. Ana so ya tsaya wuri ɗaya aƙalla wata shida, yana hawa da sauka da kilo biyu ko uku kawai. Idan aka yanke fata mutum ya ƙara zubar da kilo goma, sabuwar fata za ta sake saki, an yi aikin banza. Idan ya ƙara ƙiba, ɗinkin zai miƙe tabo ya yi faɗi. Kuma fata tana ci gaba da ɗan tattarewa da kanta har shekara ɗaya zuwa biyu bayan nauyi ya tsaya, musamman ga matasa. Wanda aka yi wa fiɗar rage girman jakar abinci ta cikinsa don ya rame yakan jira wata 12 zuwa 18 bayan waccan fiɗar. An kuma tambaye ta ko ta gama haihuwa, don sabon ciki zai warware ɗinkin tsoka. Ta ce autanta ya shekara shida, ta gama.

Akwai lissafin da za a ga an rubuta IMC a takarda: nauyi a kilo, a raba da tsawo a mita sau kansa. Nata a da 124 ÷ (1.65 × 1.65), wajen 45 ke nan. Yanzu 79 ÷ (1.65 × 1.65), wato 29. Likitocin fiɗa sun fi son lambar ta sauko ƙasa da 30, domin daga nan zuwa sama ɗinki ya fi buɗewa, ciwo ya fi ruɓa, jini ya fi daskarewa a jijiya.

Aka sa mata Disamba, lokacin ɗari, saboda za ta ɗaura ɗamara dare da rana na makonni, abin da ba ya daɗi a bazara. Wata takwas ke nan na jira, kuma a ganina waɗannan watanni sun fi ranar fiɗar kanta muhimmanci.

Abin da muka fara magancewa shi ne ƙarƙashin fatar. Inda fata ke kwance kan fata, zufa ba ta bushewa, iska ba ta shiga, gefe biyu na gogar juna. Wurin yakan saɓule, sai wata ƙwayar cuta mai suna kandida, dangin masu kawo makero, ta samu gida. Alamarta ja mai sheƙi, ƙaiƙayi da zafi, da ƙananan ƙuraje a bakin jan kamar an yayyafa. Abin da aka koya wa Hajiya ba shi da tsada. Ta wanke wurin sau biyu a rana da ruwa da sabulu marar turare, ba da soso ba. Ta ɗaga fatar ta tsane ta da tsumma mai tsabta, dannawa ba gogawa ba, ta kwanta gaban fanka minti biyar ko goma har wurin ya bushe ƙayau. Ta shafa kulotirimazol siriri safe da dare na mako biyu zuwa huɗu, kada ta daina don ta ga ja ya tafi a kwana biyar. Sannan ta naɗe tsohon zanen auduga mai laushi ta sa a cikin lanƙwasar, ta canza shi duk lokacin da ya jiƙe. Bayan wurin ya warke, man zinki yana kare shi daga gogayya. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba hoda da yawa, ta haɗu da zufa ta zama kwaɓi, ko shafa man nan mai betametazon da ake saya a kasuwa. Yana kashe ƙaiƙayi a kwana biyu, shi ya sa ake yabonsa, amma ƙwayar cutar ƙaruwa take yi a ƙarƙashinsa, fata kuma tana ƙara sirancewa. Idan jan ya bazu, wurin ya yi zafi ya kumbura, ga zazzaɓi, wannan ya wuce na gida, a tafi asibiti ranar.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, kuma ba laifi. Wanda fatarsa ba ta hana shi tafiya, ba ta ruɓewa, yana iya zama da ita har abada da wannan kulawa da rigar ciki mai matsewa wadda ke riƙe fatar kada ta yi lilo. Ɗamara tana riƙewa ne muddin tana jiki, ba ta mayar da fata. Motsa jiki mai gina tsoka yana cike ɗan gurbi a damtse da cinya da ɗuwawu, ana ganin bambanci idan sakin kaɗan ne. A ciki kuwa tsokar shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta kumbura ta cike fatar da ta kai cinya. Man kaɗe yana laushi, yana rage ƙaiƙayi a lokacin hunturu, amma bai kai ga saƙar da ta yage ba. Haka garin kolajin da ake tallatawa da tsada: ciki yana narkar da shi kamar kowane nama, bai san hanyar mara ba. Na'urorin da ke ɗumama fata suna ɗan tattare saki mai sauƙi, irin na ƙarƙashin haɓa. Zuƙe kitse kuwa kitse yake cirewa, ga mai sakakkiyar fata ƙara mata yaushi yake yi. Takaici nake ji idan na ga mace ta kashe kuɗin da ya isa awon jini da magani na wata shida a kan shayin rage tumbi da mayuka.

Abu na biyu shi ne gina jiki. Wanda ya rage ci na shekara biyu sau da yawa jininsa ya yi ƙasa ba tare da ya sani ba. Na Hajiya 10.2 g/dL aka samu, ana so ya kai 12. Aka ba ta ƙwayar ƙarin jini ta wata uku, aka ce kada ta sha ta tare da shayi, domin shayi yana hana hanji ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke ciki, ta bar awa biyu tsakani. Ɗinki mai tsawon kusan rabin mita da furotin ake warkar da shi. An yi mata lissafin giram 1.2 a kowane kilo na nauyinta, wajen giram 95 a rana, tunda ƙodarta lafiya lau. Ƙwai ɗaya yana da giram 6, nama ko kifi dafaffe giram 100 yana da wajen 25, dafaffen wake giram 100 wajen 8. Da ƙwai biyu da safe, wake da rana, kifi ko nama da dare, nono marar suga, da ɗan kilishi ko fara a tsakani, ana kaiwa. Sugarta aka bi da awon HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance a wata uku da suka wuce. Nata ya fito 6.8, abin da ya gamsar da likita. An duba ko tana da sikila, an duba hawan jini da zuciya.

Ba ta shan taba, amma an tambaye ta har shisha da tabar da ake sa wa a baki, kuma dalilin yana cikin yadda ake aikin. Duk mai amfani da su sai ya daina mako huɗu zuwa shida kafin fiɗa da bayanta. Mai shan asfirin ko maganin tsinka jini ko ƙwayar tazarar haihuwa, likita ne zai faɗi ranar da za a tsaya. Jiƙe-jiƙen gargajiya ma a ambace su.

Fiɗar ciki iri biyu ce, kuma ya kamata mutum ya san wadda za a yi masa. Ƙaramar ita ce a yanke fatar da ta zazzago kawai a ɗinke, ba a taɓa tsoka. Tana raba mutum da nauyi da ruɓewa, ta fi sauƙin haɗari, ita ake zaɓa wa mai sauran ƙiba ko mai ciwon da ba zai jure dogon aiki ba, amma ciki ba zai shafe ba. Babbar ita aka yi wa Hajiya, saboda rabuwar tsoka da ƙaba.

Da safen ranar, tana tsaye likita ya zana layuka a jikinta da alƙalami, don idan ta kwanta fatar za ta zube gefe a rasa inda ya kamata a yanka. Aka sa mata safa mai matse ƙafa, aka sa ta barci gaba ɗaya. Yanka yana farawa ƙasa, daidai saman gashin mara, daga ƙashin ƙugu na dama zuwa na hagu. Sai a ɗaga fata da kitsenta daga kan tsoka, ana hawa har bakin haƙarƙari. Cibiya ba a cire ta, ana zagaye ta da wuƙa a bar ta a kan gindinta. Aka gyara ƙabar, aka ɗinke tsokokin biyu suka haɗu a tsakiya tun daga ƙirji har mara. Daga nan aka lanƙwasa gadon ta yi kamar mai zaune, aka jawo fatar ƙasa kamar yadda tela ke jan riga kafin ya rage ta, aka yanke rarar, aka huda sabuwar ƙofa aka fito da cibiyar. Abin da aka cire ya kai kilo 3.8. Aka sa tiyo biyu sirara masu zuƙo ruwa zuwa cikin gora, aka ɗinke hawa-hawa. Aikin ya ci awa uku da rabi.

Ga inda taba ke shigowa. Da aka ɗaga fatar, an yanke ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ita daga ƙasa. Yanzu jini daga gefe da sama kawai yake zuwa mata. Wurin da ya fi nisa da jini shi ne tsakiyar ɗinki, saman mara, nan ne kuma fata ta fi ɗamewa. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana tsuke jijiyoyin da suka rage. Sai wurin ya yi duhu, ya yi sanyi, bayan kwanaki ya zama baƙin ɓawo, fata ta mutu, a koma wankin ciwo na watanni. A baƙar fata wannan canjin launi ba ya fitowa fili da wuri, shi ya sa muke taɓawa mu ji ɗumi, mu gwada da fatar gefe.

Washegari da safe muka tashe ta. Ta ce, "Malama, ki bar ni in huta, ɗinkin zai ɓalle." Na ce, "Hajiya, kwanciyar ce abin tsoro, ba tafiyar ba." Abin da ya fi kashe mutane bayan wannan aiki shi ne jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu. Maganinsa tafiya da wuri, safar matsi, shan ruwa, da allurar hefarin mai hana jini daskarewa a ƙarƙashin fata ga wanda likita ya ga ya dace. Ta yi taku goma a duƙe kamar tsohuwa, haka ake so, ba a miƙewa sosai sai bayan mako ɗaya zuwa kwana goma. A gado ana tada baya da matashi, a sa wani ƙarƙashin gwiwa. Idan tari ya zo a rungume matashi a ciki. A kwana biyun farko muna lura da taruwar jini: gefe ɗaya ya kumbura da sauri, ya yi tauri, ciwo ya ƙaru, gorar ta cika da jini ja. Wannan komawa ɗakin fiɗa ne ba jira.

Gorar kullum ake juye ta a auna a rubuta. Nata ranar farko mililita 140 ne a gefe ɗaya, ruwan ja, sannan ya koma kamar ruwan nama, ya koma rawaya. Ana cire tiyo idan abin da ya fito a awa 24 ya gaza mililita 30. Na hagu ya fita a kwana na 6, na dama a kwana na 9.

An sallame ta, amma an hana ta komawa Tawa. Hanyar ta Doso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni ta wuce kilomita 500, yini guda ne a zaune cikin mota ƙafa a lanƙwashe, ga girgiza. Ta zauna gidan ƙanwarta a Yamai. Wannan nake so masu tafiya ƙasar waje yin aikin su yi tunani a kai: matsalolin da suka fi yawa a mako na biyu da na uku suke fitowa, lokacin da mutum ya riga ya dawo gida, likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa. Kafin a tafi a san wanda zai duba ɗinkin a nan, a kuma karɓo takardar da ta bayyana abin da aka yi.

A kwana na 16 ta dawo tana cewa cikinta na motsi kamar salka. Aka kwantar da ita, aka danna gefe ɗaya, ruwa ya kaɗa zuwa ɗayan. Wannan ita ce matsalar da aka fi samu a wannan aiki. Tsakanin fatar da aka ɗaga da tsoka akwai fili, jiki yana zubo ruwa a ciki har sai biyun sun manne. Ɗamara ce ke danne su su haɗu, yawan motsi kuma yana goga su su rabu. Da aka bincika, ta kwance ɗamarar kwana biyu don ƙaiƙayi, ta kuma yi shara a duƙe don kunyar zama a gidan mutane ba aiki. Likita ya zuƙe mililita 120 da allura mai tsabta, ruwa rawaya garau. Bayan kwana biyar aka zuƙe 60, sannan 20, ya tsaya. Ba a huda wannan a gida ko a shagon magani, domin allura marar tsabta tana mayar da ruwan mugunya. Da ruwan ya fito gurɓatacce, ko fatar ta yi zafi, ko zazzaɓi ya zo, da maganar ta canza. Zazzaɓi bayan fiɗa a nan kowa cizon sauro yake fara zargi. A yi awon, amma a buɗe ɗinkin a duba kafin a ce shi ne. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko ƙirji ya soke, asibiti nan take ko da tsakar dare ne.

Dokokin mako shida na farko an faɗa wa ƙanwar tata ma, don ita ke gida. Ba ɗaukar abin da ya wuce kilo biyar, wato ba bokitin ruwa, ba daka, ba goyo, ba ɗaga jika. Salla a zaune kan kujera har likita ya yarda da ruku'u da sujada. Bayan gida na tsuguno yana matsa ɗinkin tsoka, a samu kujera mai huda, a kuma ci ganye irin zogale a sha ruwa don kada ciki ya ɗaure a yi yunƙuri. Azumin nafila a jinkirta shi.

Sai gashi, wanda nake maimaitawa har a gaji da ni. Mun saba duk inda ya kumbura a gasa shi da ruwan zafi, kamar yadda ake yi wa mai jego. Fatar da ke tsakanin cibiya da ɗinki ba ta ji bayan wannan aiki, saboda an yanke ƙananan jijiyoyin ji, kuma takan yi watanni haka, wani wurin ma ba ya dawowa duka. Mace za ta ɗora tsumma mai tururi ba ta ji komai ba, sai da safe a ga fata ta saluɓe. Ƙuna a fatar da jininta bai gama dawowa ba tana da wuyar warkewa. Ba gashi, ba zama kusa da garwashi, ruwan wanka a gwada shi da hannu tukuna.

Ta koma Tawa a mako na biyar, an ce duk inda mota ta tsaya ta sauka ta taka, a zaune kuma ta riƙa motsa tafin ƙafa. Kumburin mara, wanda ke ƙaruwa da yamma, ya ɗauki wata uku zuwa huɗu kafin ya sauka.

Tabo kuwa tun ranar farko aka gaya mata ba ya ɓacewa. Musaya ce aka yi, an ba da fata an karɓi layi daga ƙugu zuwa ƙugu, da zobe a cibiya. A wata na biyu da na uku yakan fi muni, ya yi duhu ya yi tauri, sai ya fara laushi, ba ya gama zama sai wata 12 zuwa 18. Fatarmu ta fi saurin yin tabo mai tudu wanda ke wuce bakin yanka yana ƙaiƙayi. Shi ya sa likita ya duba hujin kunnenta da tabon lambar rigakafi a damtsenta tun a Afrilu. Wadda kunnenta ya taɓa yin ƙulli bayan huji ta faɗa kafin a yanka. Bayan ɗinki ya rufe sarai, ana manna faifan silikon a kai awa 12 ko fiye a rana na wata biyu zuwa uku, a riƙa murza tabon da yatsa. Idan ya fara tashi, akwai allurar da likita ke yi a cikinsa, kuma ta fi aiki idan an zo da wuri.

Ta dawo awo bayan wata goma sha huɗu da kilo 77. Tabon ya kwanta, sai wajen santimita uku a gefen hagu da ya ɗan taso, aka yi masa allura sau biyu. A ƙarshen ɗinkin dama akwai ɗan tsinin fata kamar kunne, wanda ake iya gyarawa da allurar kashe wuri cikin rabin awa. Ƙarƙashin mara ya bushe, ba ta ƙara sayen man ƙaiƙayi ba. Ta tambayi maganar damtsenta, waɗanda su ma suke reto. Likita ya nuna mata da yatsa inda layin zai bi, daga hammata zuwa gwiwar hannu ta ciki, wurin da tabo ya fi yin faɗi kuma hannun riga ba ya rufe shi koyaushe. Ya ce idan tana so, sai an bar aƙalla wata uku zuwa shida tsakanin aiki da aiki, wannan kuwa ta riga ta cika shi. Ta ɗaga hannu ta dubi fatar, ta ce wannan ba ta ruɓewa, ba ta hana ta komai, a bar mata ita. Aka rubuta mata ranar gyaran ɗan kunnen a Janairu mai zuwa.